Wa ke da iko da ƙarar sanarwa a wayar Android, mai manhaja ko mai waya?

Kafin shekarar 2017, kowace sanarwa da ta faɗo a wayar Android tana zuwa ne da nata umarni. Manhajar da ta aiko ta ita ke faɗin irin ƙarar da za a ji, da ko wayar za ta yi jijjiga, da ko saƙon zai leƙo a saman allo. Mai waya yana da ta cewa, amma a kan manhajar gaba ɗayanta: ko ya bar ta ta yi ta kuka, ko ya rufe mata baki baki ɗaya. Wanda tallace-tallacen manhajar banki suka ishe shi, in ya kashe sanarwarta, ya kashe har da alat ɗin shigowar kuɗi. Wanda kuma ke tsoron rasa alat dole ya haƙura da talla ko da ƙarfe biyun dare ne.

Android 8.0, wanda ake kira Oreo, ya fito a watan Agustan 2017 da tsarin da ya sauya wannan. Tun daga nan, duk manhajar da aka gina bisa sabon tsarin dole ta raba sanarwarta zuwa tashoshi, kuma kowace sanarwa sai ta faɗi tashar da ta biyo. A rubutun manhaja sunan abin `NotificationChannel`, a fuskar waya kuma yawanci za ka gan shi a ƙarƙashin Notification categories. Ƙara da jijjiga da matsayin muhimmanci sun bar jikin sanarwa sun koma jikin tasha. Sanarwar da ba ta ambaci tasha ba, ko ta ambaci wadda ba a ƙirƙira ba, ba za ta fito ba sam. Daga watan Agustan 2018 Google Play ya daina karɓar sababbin manhajojin da ba su bi wannan tsari ba, daga Nuwamban shekarar kuma har da sabunta tsofaffi, don haka yau da wuya ka sami manhaja mai aiko sanarwa a waya da ba ta da tasha ko da guda.

Abin da ya fi komai nauyi a tsarin shi ne yadda aka raba iko. Mai manhaja yana da abu biyu: shi ke yanke yawan tashoshi da abin da zai bi ta kowacce, kuma shi ke sa saitin farko ranar da aka ƙirƙiri tashar. Daga wannan rana ikon ya koma hannun mai waya. Kamar magini ne da mai gida: magini ke jan ɗakuna da kafa ƙofofi, amma da ya miƙa makullai ba shi da ikon cewa wace ƙofa za a bari a buɗe. Kusan duk wata matsala da ake samu da sanarwa, daga ɓangaren mai waya ko na mai manhaja, daga rashin gane wannan rabo take tasowa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce wata mai sayar da atamfa tana karɓar kuɗi ta taransifa, tana kuma da manhajar biyan kuɗi a wayarta. Ba ta sakin kaya sai ta ji alat. Manhajar tana aiko abubuwa iri uku: labarin shigowar kuɗi, gargaɗin cewa wani ya shiga asusu daga wata waya, da tallar rance da garaɓasar kati. Mai haɗa manhajar, in ya san aikinsa, zai ƙirƙiri tasha uku. Ta farko za ta yi kama da haka:

```kotlin
val tasha = NotificationChannel(
    "kudi_sun_shigo",
    "Kuɗi sun shigo",
    NotificationManager.IMPORTANCE_HIGH
)
tasha.enableVibration(true)
manager.createNotificationChannel(tasha)
```

Abu uku aka ba ta. Na farko lambar shaida ce da mai waya ba ya gani, da ita wayar ke gane tashar. Na biyu sunan da zai fito a saiti. Na uku matsayin muhimmanci. Duk lokacin da kuɗi suka shigo, manhajar za ta gina sanarwa ta liƙa mata wannan lambar shaida, wayar kuma ta duba abin da ke rubuce a kan tashar a wannan lokaci ta yi aiki da shi. A lura, abin da ke rubuce a lokacin take dubawa, ba abin da mai manhaja ya sa tun farko ba.

Matakan muhimmanci huɗu ne da ake aiki da su, sai na biyar da ke nufin an toshe. `IMPORTANCE_HIGH` yana ƙara kuma ya leƙo a saman allo, ko da kana cikin wata manhaja. `IMPORTANCE_DEFAULT` yana ƙara amma ba ya leƙowa, sai ka ja labulen sanarwa ƙasa ka gan shi. `IMPORTANCE_LOW` ba ya ƙara ko kaɗan. `IMPORTANCE_MIN` shi ma shiru ne, kuma ko alamarsa ba ta fitowa a layin sama inda agogo da batir suke, yana can ƙasan labule a naɗe. `IMPORTANCE_NONE` kuwa ba ya fitowa.

A Android 8 mai waya yana ganin waɗannan matakai a jere da sunayen Urgent, High, Medium da Low. Jerin ya rikitar da mutane, har da masu rubuta manhaja, domin abin da allo ya kira High shi ne `IMPORTANCE_DEFAULT` a rubutu, ba `IMPORTANCE_HIGH` ba. Daga Android 10 aka sauƙaƙa fuskar zuwa zaɓi biyu, mai ƙara da marar ƙara, waɗanda a wayoyi da yawa yanzu ake rubuta su Default da Silent. Matakan huɗu ba su tafi ko'ina ba, an dai ɓoye su a bayan maɓallai. In ka zaɓi Default ka kunna Pop on screen, ka sa tashar a mataki mafi girma ke nan. In ka kashe Pop on screen ta sauko mataki ɗaya. Silent shi ne na uku, Silent tare da Minimize kuma shi ne na huɗu. Kamfanonin waya suna sauya kalmomin, abin da Samsung ya rubuta ba lallai ya zama abin da Tecno ko Infinix suka rubuta ba, amma abin da ke ƙarƙashi ɗaya ne.

Mu koma ga mai atamfa. Tallar rance ta faɗo mata ana tsaka da ciniki, ta ɗauka kuɗi ne, ta duba ta ga ba su ba ne. Hanya mafi kusa ita ce ta danna yatsa a kan sanarwar ta riƙe. Wayar za ta nuna mata zaɓin Silent da kuma hanyar shiga saitin, kuma abin da za ta taɓa a nan tashar da tallar ta biyo ce kaɗai. Ta sa Silent, tallar ta yi shiru, alat yana nan da ƙararsa. Daga nan tana iya shiga Settings, sai Apps, ta zaɓi manhajar, ta shiga Notifications, ta taɓa sunan tashar kuɗi. A ciki akwai Sound, inda za ta ba tashar ƙarar da babu wata manhaja mai irinta a wayar, yadda ko wayar tana cikin jaka za ta san kuɗi ne. Akwai Vibration, akwai zaɓin abin da zai fito a allon kulle, wanda yake da amfani ga wadda ba ta son mai tsaye a gabanta ya karanta adadin da ya shigo. Akwai kuma Override Do Not Disturb, wanda zai bar wannan tasha kaɗai ta yi ƙara ko da an sa wayar a yanayin kada a dame ni.

Wanda ke da Samsung na baya-bayan nan zai iya bin duk wannan hanya bai ga tasha ko guda ba. Tun daga One UI 6.1, wato nau'in Android na wayoyin Samsung, kamfanin ya ɓoye jerin, sai an shiga Settings, Notifications, Advanced settings, an kunna Manage notification categories for each app kafin ya bayyana. A ganina wannan shawara ba ta yi wa masu waya adalci ba. An ce ana sauƙaƙa wa mutane, amma abin da aka ɓoye shi ne ainihin maganin damuwar da ke sa su kashe sanarwa gaba ɗaya.

Duk abin da mai atamfa ta yi ya yiwu ne domin an raba tashoshin da gaskiya. A nan ne iyakar tsarin take, kuma babba ce. Android yana tilasta wa manhaja ta yi tasha, amma ba ya karanta abin da ke cikin sanarwa ya tabbatar ta bi tashar da ta dace. Mai manhaja zai iya yin tasha guda mai suna General ya zuba komai a ciki, alat da talla da gaisuwar sallah. Zai iya kuma yin uku, amma ranar da sashen talla ya matsa masa, ya tura tallar ta tashar kuɗi domin ya san ita ce ba a kashewa. A irin wannan manhaja mai atamfa ta koma halin da ake ciki kafin 2017: in ta sa tallar shiru, ta sa alat shiru, kuma ba abin da zai gaya mata sai ranar da mai saye ya ce ya tura, ita kuma ta ce ba ta ji ba.

Ana iya gane wannan kafin a yi asara. Idan ka riƙe sanarwar talla ka shiga saitinta, duba sunan tashar da wayar ta nuna. Sannan ka jira alat na gaba ka yi masa haka. In suna ɗaya ka gani, kada ka taɓa tashar. Ka nemi maɓallin kashe talla a cikin manhajar kanta, domin wannan yana hana a aiko tallar tun daga tushe, ba ya bi ta tasha. Tasha mai suna Miscellaneous ita ma alama ce. Manhajoji da yawa suna karɓar saƙo ta Firebase Cloud Messaging, wato hanyar Google ta isar da saƙo zuwa waya, kuma idan sabar, wato kwamfutar mai manhaja da ke tura saƙonni, ta aiko sanarwa ba tare da lambar tashar da ke akwai ba, mai manhaja kuma bai tanadi ta ko-ta-kwana ba, a wannan tasha ake jefa ta. Duk abin da ya faɗa can a haɗe yake.

Chrome ya nuna yadda rabo mai kyau yake. Kowane shafin intanet da ka ba izinin aiko sanarwa yana samun tasharsa, a jere ƙarƙashin Sites. Mutum ya shiga wani shafin sauke waƙa, ya taɓa Allow cikin gaggawa, washegari wayar ta fara cewa ta kamu da ƙwayar cuta ko ya ci kyautar mota. Ba sai an goge waya ba. A riƙe sanarwar, a ga sunan shafin, a kashe tasharsa, sauran shafukan suna nan yadda suke.

Yanzu a duba abin daga ɓangaren wanda ya rubuta manhajar, domin a can ne dokar take cizo. A ce ya fitar da manhajar farko da tashar kuɗi a `IMPORTANCE_DEFAULT` da ƙarar waya ta yau da kullum. 'Yan kasuwa suka koka cewa alat ba ya leƙowa, kuma ba a bambance shi da saƙon tes. Sai ya gyara rubutun, ya ɗaga zuwa `IMPORTANCE_HIGH`, ya sa wata ƙararrawa ta musamman, ya gwada a wayarsa ya ji ta yi daidai, ya fitar da sabuntawa. Koke bai tsaya ba. Sababbin masu saukewa suna jin ƙararrawar, tsofaffin da suka sabunta ba su ga canji ba.

Dalili shi ne kiran `createNotificationChannel` a kan lambar shaidar da ke akwai ba ya sake gina tashar. Zai iya sauya sunanta da bayaninta, wanda ake buƙata idan mai waya ya sauya harshe. Zai iya rage muhimmanci, amma sai idan mai waya bai taɓa komai a tashar ba. Ɗagawa kuwa babu, haka sauya ƙara ko jijjiga. Wayar ba za ta ce an yi kuskure ba, za ta karɓi kiran ta yi watsi da abin da bai halatta ba. Shi kuma mai gwaji ya ji ƙararrawar ne domin ya cire manhajar ya sake sa ta, tashar ta zama sabuwa. Duk lokacin da aka ji cewa gyaran sanarwa yana aiki ga sababbi ban da tsofaffi, wannan ne abin da za a fara zato.

Dabarar da ke fara zuwa masa ita ce ya goge tashar ya sake ƙirƙirar ta. An riga an toshe wannan ƙofa. Idan aka goge tasha aka sake yin wata da lambar shaida iri ɗaya, tsohuwar ce ke dawowa da duk saitinta. Ba domin haka ba, duk manhajar da aka sa wa shiru za ta goge ta sake a kowace safiya, zaɓin mai waya ya zama banza. Abin da ya rage masa shi ne sabuwar lambar shaida, misali `kudi_sun_shigo_2`, sannan ya goge tsohuwar. Wannan yana aiki, amma yana barin tabo: a ƙasan jerin tashoshi wayar tana nuna adadin waɗanda aka goge. An sa wannan ne domin mai waya ya gane manhajar da ke yawan sauya tasha don kauce wa hukuncinsa.

Ba kowace gogewa ce zamba ba. Manhajar da ke barin ka zaɓi ƙara daga cikinta, ba daga saitin waya ba, sau da yawa haka take yi a ɓoye: ta goge tashar ta yi sabuwa da ƙarar da ka zaɓa. Abin da ke raba mai gaskiya da mai wayo shi ne abin da ya yi da zaɓin da aka riga aka yi. Manhaja ba ta iya sauya tasha, amma tana iya karanta ta. Da `getImportance()` za ta san matsayin da tashar take yanzu, daga Android 10 kuma `hasUserSetImportance()` zai gaya mata ko mai waya ne ya sa shi da hannunsa. In mutum ya sa tsohuwar tashar shiru da gangan, sabuwar ta gaji shirun. Wanda ya yi amfani da sauya lamba ya dawo da ƙarar da aka kashe, zai ci riba ta kwana biyu, daga nan a kashe masa sanarwa gaba ɗaya.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce manhajar ta yi bayani a cikinta, cewa alat ɗinka ba ya leƙowa, ga inda za ka gyara, sannan ta kai mutum ƙofar tashar kai tsaye:

```kotlin
val i = Intent(Settings.ACTION_CHANNEL_NOTIFICATION_SETTINGS)
i.putExtra(Settings.EXTRA_APP_PACKAGE, packageName)
i.putExtra(Settings.EXTRA_CHANNEL_ID, "kudi_sun_shigo")
startActivity(i)
```

Ƙararrawar ta musamman tana da nata tarko. Tasha ba ta riƙe sautin kansa, adireshin inda yake take riƙewa. Masu rubutu da yawa suna gina adireshin da lambar da `R.raw.kararrawa` ke bayarwa, alhali wannan lamba tana iya sauyawa idan aka ƙara ko aka cire fayil a gini na gaba. Tashar da aka ƙirƙira bara tana nan riƙe da tsohuwar lamba, wadda yanzu take nuna wani fayil dabam ko ba ta nuna komai. Sai a ji bayan sabuntawa alat ya yi shiru ko ya fito da wani sauti, kuma mai manhaja ba shi da ikon gyara tashar. Maganin tun farko ne, a gina adireshin da sunan fayil:

```kotlin
Uri.parse("android.resource://$packageName/raw/kararrawa")
```

Irin wannan yana samun mai waya shi ma. In ka zaɓi wani sauti daga ma'ajiyar wayarka ka ba tasha, daga baya ka goge shi ko ka cire katin memori da yake ciki, adireshin ya mutu. Mutane kan zargi manhajar, alhali sake zaɓen sauti a Sound ya wadatar.

To idan alat ya yi shiru, daga ina za a fara? Tambayar farko ita ce ko sanarwar ta fito a labule ba ƙara, ko ba ta fito ba sam. Amsar tana raba matsalar gida biyu, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki.

In ba ta fito ba, akwai ƙofofi a jere da za a duba daga sama zuwa ƙasa. Tun daga Android 13, wanda ya fito a 2022, sabuwar manhaja ba ta iya aiko sanarwa sai ta nemi izini, kuma wanda ya taɓa Don't allow ranar farko ya rufe duk tashoshin lokaci guda, komai matsayinsu. Ƙasa da wannan akwai rukuni. Manhaja tana iya tara tashoshi a rukunai, misali asusun kasuwanci da asusun gida, kuma daga Android 9 ana iya kashe rukuni guda da maɓalli ɗaya. Tashar da ke cikin rukunin da aka kashe ba ta aiki ko da saitinta bai sauya ba. Sai maɓallin tashar kanta. In duk ukun a buɗe suke, matsalar ba ta tasha ba ce, saƙon ne bai iso ba. Nan ake duba data, da takurawar batir, da manhajojin tsimin wuta da ke kashe abin da ke aiki a bayan fage. Alamar wannan ita ce sanarwa ta taru ta zubo gaba ɗaya da zarar an buɗe manhajar ko an kunna allo. Masu rubutu sukan rikita abu biyu a nan. Fifikon da sabar ke sa wa saƙo a Firebase shi ke yanke ko za a tashi wayar daga barcin tsimin batir da ake kira Doze, muhimmancin tasha kuma shi ke yanke abin da zai faru bayan saƙon ya iso. Tasha mai mataki mafi girma ba ta gaggauta saƙon da aka aiko da fifiko na yau da kullum.

In kuwa ta fito amma ba ƙara, tasha ce farkon abin zargi: an sa ta Silent, wataƙila da kuskuren yatsa, ko Sound yana kan None. Bayan ta sai abubuwan da ke sama da kowace tasha, wato wayar tana kan jijjiga ko shiru, ƙarfin sautin sanarwa yana ƙasa, ko Do Not Disturb yana kunne bisa jadawalin da aka manta an sa. Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. Daga Android 8.1 manhaja ba ta iya sa sanarwa ta yi ƙara fiye da sau ɗaya a daƙiƙa guda, don haka alat uku da suka iso tare za su fito duka amma a ji ƙara ɗaya. Manhaja ma tana da ikon rage wa kanta murya a kan sanarwa guda, misali da `setOnlyAlertOnce(true)`, wanda ke sa sabunta sanarwar da ke kan allo ya zo shiru. Idan mai manhaja yana amfani da lambar sanarwa ɗaya ga kowane alat tare da wannan umarni, na farko zai yi ƙara, na biyu ya maye gurbinsa ba sauti matuƙar ba a share na farkon ba. Mai atamfa za ta ce wani lokaci yana kuka, wani lokaci ba ya yi, kuma gaskiya ta faɗa.

Mai gyara da ke da kwamfuta zai iya ganin gaskiyar tashar ba tare da zato ba:

```
adb shell dumpsys notification
```

A cikin abin da zai fito akwai kowace tasha da lambar shaidarta, da `mImportance`, da adireshin sautinta, da `mUserLockedFields`, wanda ke nuna ko mai waya ya taɓa ta. A yi hattara da maganin da ake yawan yi a shagon gyara, wato Clear data ko cire manhaja a sake sa ta. Yana dawo da ƙara, gaskiya ne, domin yana share tashoshin a sake gina su daga saitin farko. Amma yana share har da ƙarar musamman da aka zaɓa, da tallar da aka sa wa shiru. Wanda aka yi wa haka sai ya sake bin tashoshin ɗaya bayan ɗaya.

Akwai iyaka ɗaya da ta saura, wadda masu manhajar lokutan sallah suka fi cin karo da ita. Tasha tana mulkin sautin da wayar ke kunnawa a madadin sanarwa ne kawai. Wasu manhajojin suna sa kiran sallah a matsayin sautin tasha, su yi wa kowace sallah tata, yadda mutum zai bar ta Asuba da cikakken kira ya sa ta Azahar jijjiga saboda yana ofis. Wasu kuwa suna fitar da sanarwa marar sauti, sannan su kunna kiran da kansu kamar yadda ake kunna karatu, sau da yawa ta layin sautin agogon farkawa. A irin na biyun, ko ka sa tashar Silent kiran zai tashi, kuma Do Not Disturb yakan bar shi ya wuce domin yawanci ana barin agogon farkawa. Gwajin mai sauƙi ne: sauya Sound na tashar zuwa wani sauti ka jira lokacin sallah na gaba. In sabon sautin ka ji, tashar ce ke mulki. In kiran da ka saba ji ne ya fito, saitin yana cikin manhajar, kuma ƙarfinsa yana bin ma'aunin Alarm ko na Media, ba na sanarwa ba.